Yadda ake tsara fom ɗin rajista da zai ɗauki rubutun mutane

Fom na farko da na tsara wa wani ajin koyon sana'a ya yi kyau ƙwarai a fuskar kwamfuta. Da aka buga aka raba, sai na ga sunayen mutane sun kai ƙarshen layi sun karkata sama, wasu sun gangara gefen takarda. Wata baiwar Allah ta rubuta adireshinta a bayan fom ɗin, ta zana kibiya don mu san mu juya. Laifin nawa ne, domin na auna tambayoyina, ban auna amsoshin mutane ba. Tun daga ranar nake fara kowane fom da tambaya ɗaya: wace amsa ce mafi tsawo da za a rubuta a nan, kuma hannun mutum fili nawa zai ci kafin ya gama ta? Misalin da za mu bi shi ne fom ɗin shiga ajin koyon sana'a, a takardar A4, wanda za a cike da biro.

Mataki na 1: Tara tambayoyi, ka rubuta amsa mafi tsawo a gaban kowacce

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ɗauki takarda da biro, ka jera duk abin da kake son sani. A gaban kowace tambaya ka tambayi kanka wa zai yi amfani da amsar, kuma yaushe. Wadda ba ka samo mata mai amfani ba, soke ta. Duk tambayar da ka bari tana cin fili kusan milimita 14 a takarda, tana kuma cin lokacin kowane mai cikewa.

Daga nan sai ka raba waɗanda suka rage gida uku. Akwai masu amsa mai tsayayyen tsawo, kamar ranar haihuwa da lambar waya. Akwai waɗanda tsawonsu ya danganta da mutum, kamar suna da adireshi. Akwai kuma waɗanda ka riga ka san duk amsoshin da za su iya zuwa, kamar wace sana'a ake so ko wane lokaci. Na farko ƙananan gurabe suke so, harafi ɗaya a gurbi ɗaya. Na biyu buɗaɗɗen layi. Na uku akwatin zaɓi.

Ga aikin da yawancin masu tsara fom ke tsallakewa. Nemi suna mafi tsawo da adireshi mafi tsawo a tsohon littafin rajistarku, ka ba mutum biyu ko uku su rubuta su da manyan baƙaƙe, yadda suka saba, ba tare da ka ce su matse ba. Sa rula ka auna. Za ka tarar babban baƙi ɗaya yana cin milimita 4 zuwa 5 a hannun yawancin mutane, wanda kuma bai saba da rubutu ba ko idonsa ya yi rauni zai ci fiye da haka. Suna mai haruffa 30 ke nan yana neman milimita 120 zuwa 150. Idan ka ba shi layin milimita 60 don ya daidaita da na kusa da shi, ka san tun yanzu cewa zai malala.

Mataki na 2: San filin da kake da shi

Faɗin A4 milimita 210 ne, tsawonta 297, amma ba duka ne naka ba. Yawancin firintoci ba sa buga komai a milimita huɗu ko biyar na bakin takarda, injin fotokwafi kuma yakan ɗan goce. Bar milimita 15 a sama, 15 a ƙasa, 15 a dama. Hagu kuwa ka ba shi 25 idan za a huda fom ɗin a sa a fayil. Abin huda takarda mai rami biyu yana yin ramin a kusan milimita 12 daga baki, faɗin ramin kuma kusan 6, saboda haka duk rubutun da ya matso kusa, ramin zai cinye shi ko ƙarfen fayil ya rufe shi.

Abin da ya rage maka shi ne faɗi 170, tsawo 267. Rubuta lambobin nan biyu a saman takardar da kake zane, domin da su za a yi duk lissafin da ke gaba.

Mataki na 3: Tsayin layi da faɗin gurbi

Layin da za a yi rubutun hannu a kai kada tsayinsa ya gaza milimita 8. Ni 9 nake sa wa, 10 idan tsofaffi ne za su fi cikewa. Sunan gurbin, wato "Sunan mahaifi" ko "Adireshin gida", ya hau saman layin da ƙananan baƙaƙe masu girman 10 a ma'aunin baƙin kwamfuta, ya ci milimita 5. Kowane gurbi ya zama 14 ke nan. Na fi son suna a sama da a gefe, saboda idan ka sa shi a hagu zai cinye milimita 35 ko 40 na faɗin da mai rubutu yake bukata. Amma ka kula suna ya manne da layinsa. Idan ya tsaya tsaka-tsaki tsakanin layin sama da na ƙasa, rabin mutane za su rubuta amsa a sama, rabi a ƙasa.

Ƙananan gurabe na harafi ɗaya-ɗaya su kasance milimita 6 a faɗi. Ranar haihuwa gurabe takwas ce: biyu na rana, biyu na wata, huɗu na shekara, da ɗan rata na milimita 3 tsakanin rukuni da rukuni. Jimla milimita 54. A saman kowane rukuni ka rubuta "Rana", "Wata", "Shekara", domin 03 04 na iya zama uku ga Afrilu ko huɗu ga Maris, gwargwadon wanda ya rubuta. Lambar waya kuwa, ka ƙirga lambobin da masu rajistarka ke amfani da su, ka ba da gurabe daidai. Idan za a samu masu lambar ƙasashen waje, gurabe 15 sun isa, don lambar waya ta ƙasa da ƙasa ba ta wuce haka. Wannan milimita 90 ke nan.

Kada ka sa wa adireshi irin waɗannan gurabe. Faɗin 170 gurabe 28 kawai zai ɗauka, kuma rubutu a cikinsu yana da jinkiri, mutane kan gaji su ci gaba da rubutu bisa layukan kamar babu su. Amfaninsu yana wurin da kuskuren harafi ɗaya zai ɓata komai, kuma tsawon amsar sananne ne. Imel ma gara a ba shi buɗaɗɗen layi guda daga hagu zuwa dama, kada a raba shi da kowa.

Wurin sa hannu ya fi kowane gurbi son sarari, domin sa hannu yana hawa yana sauka. Ba shi tsayin milimita 18 da faɗin 70 ko fiye. Idan akwai masu dangwala yatsa, sai a yi musu akwati na daban mai milimita 25 kowane gefe.

Mataki na 4: Raba sassa, ka yi lissafin tsawo

Sashe yana bin yadda mai cikewa yake tunani: ni wane ne, me nake so, wa za a kira idan wani abu ya same ni, sannan na amince na sa hannu. Kowane sashe a ba shi harafi da gajeren kai, kamar "A. Bayanin mai rajista". Harafin yana taimakon ma'aikaci, ya iya ce wa mutum "ka manta sashen C" ba sai ya karɓi takardar ya nuna da yatsa ba. Kan sashe ya zama da kauri, girman 12, da layi mai ɗan kauri a samansa. Ratar da ke tsakanin sashe da sashe ta fi ta tsakanin gurabe biyu na sashe ɗaya, domin ido da rata yake gane inda abu ya ƙare.

Ka guji shafa baƙin launi ko toka mai duhu a bayan kan sashe. A bugun farko yana da kyau. Amma fom ba ya tsayawa a bugun farko: za a yi fotokwafinsa, a yi fotokwafin fotokwafin, tokar ta rikiɗe ta zama dabbare-dabbare, rubutun cikinta ya ɓace.

Ga lissafin fom ɗinmu, duka a milimita:

Kai, da umarni, da akwatin hoto: 48
A. Bayanin mai rajista (kai, layuka biyar, adireshi mai layi biyu): 101
B. Zaɓin sana'a da lokaci: 72
C. Wanda za a kira a gaggawa: 36
D. Amincewa da sa hannu: 36
Na ofis kaɗai: 25
Rata biyar, kowacce 4: 20

Kan ya kai 48 ne saboda hoton fasfo da aka fi sani milimita 35 ne a faɗi, 45 a tsawo. Sunan fom da umarni sai su zauna a hagunsa don kada filin ya tafi a banza.

Jimla 338, mu kuma 267 gare mu. An zarce da 71. A nan ne yawancin fom ke lalacewa, domin abin da hannu ke fara kai wa shi ne rage tsayin layi. To mu gwada mu gani. Layukan rubutu goma ne a fom ɗin. Ko ka mayar da kowanne daga 9 zuwa 6, milimita 30 kawai ka samu, saura 41, ga shi kuma ka riga ka matse hannun kowa. Hanyoyi biyu ne na gaskiya: ko ka soke tambayoyi, ko ka juya bayan takarda. A misalinmu babu tambayoyin banza da za su kai 71, don haka kai da A da B suka zauna a gaba, suka ci 229 tare da ratarsu. Ragowar 38 ta ba mu layi na uku a adireshi, da wurin rubuta "Juya baya, akwai sashen C da D" a ƙasa da baƙaƙe masu kauri, sauran kuma muka ƙara wa rata.

Idan fom ya zama gaba da baya, ramin fayil zai koma dama a shafin baya, don haka faɗin 25 ɗin ma ya koma dama. Ka kuma sa gurbin lambar rajista a shafi biyun, saboda ranar da za a yi fotokwafi a takardu biyu daban, kada a rasa baya na wane ne.

Sashen ofis ya zauna can ƙarshe, cikin akwati mai kauri, da rubutu ƙarara: "Na ofis kaɗai. Kada a rubuta komai a nan." Idan ka ɗora shi a sama, mutane za su fara cike shi, don shi suka fara gani.

Mataki na 5: Akwatunan zaɓi

Wannan ne ya fi kowane sashe saurin rikita bayanai, kuma rikicin ba ya fitowa sai ranar da aka zauna shigar da amsoshi. Akwatin ya kai milimita 5 kowane gefe, ya zo kafin kalmarsa, a bar milimita 2 kacal tsakaninsu. Tsakanin zaɓi da zaɓi kuma a bar 10 ko fiye. Dubi wannan:

Ɗinki ☐ Walda ☐ Kafinta ☐ Gyaran waya ☐

Akwatin da ke tsakanin "Walda" da "Kafinta" na wane ne? Wanda ya tsara ya sani, mai cikewa kuwa zai yi canke. Na taɓa zama da tarin fom irin wannan ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya a waya don in ji abin da suka nufa. Gyaran shi ne akwati a gaba, kalma manne da shi, a kuma jera su a ginshiƙi, akwati ƙarƙashin akwati:

☐ Ɗinki
☐ Walda
☐ Kafinta
☐ Gyaran waya
☐ Wata daban, rubuta sunanta: ____________

Jeri daga sama zuwa ƙasa ya fi kowanne fita sarai, sai dai yana cin tsawo, milimita 8 kowane zaɓi. Idan fili ya yi ƙaranci, yi ginshiƙi uku masu faɗi ɗaya, layi biyu, kamar yadda muka lissafa a sashen B.

Kowace tambaya ta faɗi nawa za a zaɓa, a kusa da ita, ba can a saman fom ba: "Zaɓi ɗaya kawai", ko "Zaɓi duk waɗanda suka dace". A takarda babu abin da zai hana mutum yi wa akwati uku alama, umarnin ne kaɗai matsara. A saman fom kuma ka nuna alamar da kake so a zane, ✓ a cikin akwati, domin wasu na sa ✗ da nufin "wannan nake so", wasu da nufin "ban da wannan". Ƙara layi ɗaya kan yadda ake gyara kuskure: a cike akwatin da aka yi kuskure baƙi ƙirin, a sa alama a wanda ake nufi.

Tambayar e ko a'a tana bukatar akwati biyu. Idan ka sa guda, ka ce a yi alama in an taɓa koyon sana'ar, to duk wanda ya bar shi fayau ba ka san ko a'a yake nufi ko tsallakewa ya yi ba. Idan amsar "E" tana jawo wata tambaya, layinta ya biyo nan take a ƙasa, a ɗan shigar da shi ciki: "Idan e, wace sana'a, kuma tsawon wane lokaci?"

Sai ka duba zaɓuɓɓukan kansu. Kada biyu su hau kan juna: idan ka rubuta shekara 18 zuwa 25, sannan 25 zuwa 35, ɗan shekara 25 yana da gida biyu. Sai 18 zuwa 25, 26 zuwa 35. Kada kuma a bar wani ba gida. Zaɓin "Wata daban" dole ya zo da layi mai tsawo, milimita 60 ko fiye, in ba haka ba ka san akwai wata amsa amma ba ka san ta ba.

Mataki na 6: Gina shi a kwamfuta

Yanzu ne lokacin buɗe Word ko makamancinsa. A Layout > Size ka zaɓi A4, domin wasu kwamfutocin suna zuwa da Letter, wadda ta fi A4 faɗi amma ta gaza ta tsawo da kusan milimita 18. A Layout > Margins > Custom Margins ka sa ma'aunin gefuna, idan kuma gaba da baya ne ka zaɓi Mirror margins.

Kada ka ja layi da maɓallin _ kana tura kalmomi da maɓallin rata. Da zarar an canja salon baƙi ko an buɗe a wata kwamfuta, komai zai goce. Yi amfani da jadawali, ta Insert > Table. Danna dama a kansa, ka shiga Table Properties > Row, ka sa alama a Specify height, ka rubuta 0.9 cm, sannan a Row height is ka zaɓi Exactly. Layukan sunan gurbi 0.5 cm. A AutoFit ka zaɓi Fixed Column Width don kada ginshiƙai su riƙa motsi. Ƙananan gurabe kuma ginshiƙai ne masu faɗin 0.6 cm. Inda kake son buɗaɗɗen layi, cire layukan gefe da na sama, ka bar na ƙasa kawai, mai kaurin ½ pt ko ¾ pt. Wanda ya fi haka siriri yakan ɓace a fotokwafi.

Akwatin zaɓi yana da harafinsa. Rubuta wannan, ka danna Alt+X nan take:

```
2610
```

Zai koma ☐. Ƙara masa girma zuwa 16 ko 18, ka buga ka auna, don girmansa ya danganta da salon baƙin. Idan ka gama, ajiye fom ɗin a PDF, shi za ka kai wurin bugu, domin kada akwatunan su rikiɗe a kwamfutar da ba ta da salon baƙinka. A wurin bugawa a zaɓi Actual size, ba Fit ba, in ba haka ba na'ura za ta iya rage shafin, layin 9 ya dawo ƙasa da haka ba ka sani ba.

Mataki na 7: Gwada shi da hannun mutane

Buga kwafi ɗaya, ka sa rula a kan layi da akwati ka tabbatar ma'aunin ya fito yadda ka sa. Yi fotokwafinsa, ka yi fotokwafin wannan fotokwafin, ka huda shi. Wannan na ukun shi za ka gwada, don irinsa ne zai fi yawo a hannun jama'a.

Ba mutum biyar irin waɗanda za su cike shi da gaske, ciki har da mai dogon suna da mai manyan rubutu. Kada ka yi musu bayani, ka zauna gefe kana kallon biron. Inda ya tsaya a sama bai sauka ba, tambayar ba ta fito ba. Inda haruffa suka fara manya suka ƙare ƙanana a matse, layin ya yi gajere. Inda aka soke aka sake, ko aka zana kibiya, sunan gurbi ya ruɗe su ko akwati ya yi nesa da kalmarsa. Idan mutum biyu cikin biyar suka bar bayan takardar fayau, umarnin "Juya baya" bai isa girma ba, ko ya yi can ƙasa da yawa.

Bayan haka ka miƙa fom biyar ɗin ga wanda zai shigar da bayanan a littafi ko kwamfuta, ka ce ya shigar da su kana kallo. Idan idonsa yana tsalle sama da ƙasa saboda jerin fom ya saɓa da jerin ginshiƙan littafinsa, a daidaita ɗaya da ɗaya tun yanzu. Idan aka gyara, rubuta watan da shekarar gyaran da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi, ka tattara tsofaffin kwafin daga kan tebur da cikin durowa, kada wani ya ɗauki ɗaya ya kai wurin fotokwafi.